Sanamaki a Ledar Zogale: Wasiƙar da Mai Shago Ke Rubutawa Idan Sitika Ta Yi Ƙarya

Duk wanda ya taɓa shiga shagon magungunan gargajiya, irin waɗanda ake kira Islamik kemis a Kano da Kaduna da Zariya, ya san yadda kantocinsu suke. Ledoji ne jere reras, kowace da garinta a ciki: hulba, habbatus sauda, kanumfari, citta, zogale, sanamaki. Idan ganye yana ɗanye ko busasshe, mai ido zai iya cewa wannan kaza ne. Amma da zarar ya bi ta injin niƙa, shi ke nan, kama ta ɓace. Abin da ya rage tsakanin mai saye da abin da zai zuba a cikinsa shi ne 'yar takardar nan da aka manna a jikin leda. In ta faɗi gaskiya, lafiya lau. In ta yi kuskure, mai saye ba shi da wata hanyar ganewa sai jikinsa ya gaya masa.

Mu ƙaddara wani mai shago a cikin birnin Kano, wanda ke sayen busasshen ganye a buhu, ya kai niƙa, ya ɗura a leda mai giram 100, ya manna sitikarsa. Ranar wata Litinin ya aika yaronsa inji da buhu biyu, ɗaya zogale, ɗaya sanamaki. An niƙa, an juye kowanne a sabon buhu fari, ba a rubuta komai a jiki ba, domin yaron ya ce ai ya san na dama da na hagu. A cikin a-daidaita-sahu dama da hagu suka cakuɗe. Washegari aka ɗura leda 120 aka manna musu sitikar zogale, alhali garin sanamaki ne a ciki.

Kwana tara bayan haka wata dattijuwa da ta daɗe tana sayen kaya a wurinsa ta aiko jikanta da saƙo: "Hajiya ta ce a gaya wa Malam, zogalen nan na wannan karon ba irin na da ba ne, tun da ta fara sha cikinta ke murɗawa." Bai ɗauki abin da zafi ba. Kashegari wani magidanci ya zo da kansa ya ce matarsa mai jego ta kwana tana zaryar bayan gida. Kafin la'asar aka sami na uku. A nan ne gabansa ya faɗi, ya shiga sito ya ɗora buhunan a kan sikeli. Buhun da yake zaton na sanamaki ne, wanda ba a taɓa ba, da ya shinshina ya ɗanɗana sai ya ji zogale. Ɗayan kuwa ya ragu da kilo 12 daidai, wato leda 120 sau giram 100.

Me ya sa wannan kuskure ya fi ƙarfin a ce "a yi haƙuri" a wuce? Amsar tana cikin yadda ake shan kowannensu. Zogale abinci ne. Ana kwaɗonsa, ana miyarsa, garinsa kuma ana zuba shi da babban cokali a kunu ko koko, a ba mai jego, a ba yaro, a ba tsoho, kullum safiya. Sanamaki kuwa maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, ɗan'uwan filaskon da muka sani a daji. Abin da babban mutum ke buƙata daga ganyensa bai wuce giram 1 zuwa 2 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan ko ƙasa da haka, kuma ba a son a jera fiye da mako guda ana sha. Babban cokali guda na gari ya kai giram 6 ko fiye. Ke nan wanda ya sha sanamaki da ma'aunin zogale ya ninka ƙa'ida sau uku ko sama da haka, kuma gobe ma zai sake, domin a ganinsa abin gina jiki yake sha.

Akwai kuma wani abu da ke ɓatar da sawu. Sinadarin da ke cikin sanamaki ba ya aiki a tumbi. Sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su sarrafa shi, sannan ya fara tunzura hanjin ya hana shi tsotse ruwa. Wannan tafiya takan ɗauki awa 6 zuwa 12. Wanda ya sha a kokon safe, sai bayan la'asar ko magariba cikinsa zai juya, sai ya ɗora laifin a kan abincin rana ko ruwan da ya sha a hanya. Shi ya sa aka kwana tara kafin magana ta dawo shago. Shi ya sa kuma mai shagon ba zai zauna jiran masu ƙorafi ba: mutum uku da suka zo, su ne kawai suka haɗa ciwon da ledar.

Ga irin wasiƙar da ya kamata ta fita daga hannunsa a daren nan, ba sai gari ya waye ba:

"Assalamu alaikum. Zuwa ga iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sayen kaya a wurinmu.

"Duk wanda ya sayi garin zogale na shagonmu, leda mai giram 100, daga ranar 4 zuwa 14 ga wannan wata, don Allah ya daina sha yanzu, kada kuma ya ba kowa. A duba bayan ledar. Idan an ga lamba ZG-14, abin da ke ciki ba zogale ba ne, garin sanamaki ne, maganin wankin ciki. Idan lambar ta goge, ko an juye garin a wani mazubi, a ɗauka yana ciki.

"Wanda ya sha zai iya samun murɗawar ciki da gudawa bayan wasu awanni, fitsarinsa ma zai iya yin ja-ja ko ruwan ƙasa. Ga yawancin manya masu lafiya abin yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu da dainawa. A yawaita shan ruwa, a haɗa da ruwan gishiri da sukari na ORS. Amma a tafi asibiti ba tare da jira ba idan wanda ya sha ƙaramin yaro ne, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko mai shan maganin da ke sa yawan fitsari. Haka kuma duk wanda ya ga jini a bayan gida, ko jiri, ko bugun zuciya ya canza, ko fitsari ya ɗauke. A tafi da ledar a nuna wa likita.

"A dawo mana da ledar, ko an buɗe, ko an sha rabi, ko ta ƙare. Za mu mayar da kuɗi cikakke, ba sai da rasit ba. Wanda ba zai iya zuwa ba ya kira lambar da ke jikin ledar, za mu aiko a karɓa. Wanda ya kai wa wani tsaraba, ko ya sara ya sayar, ya taimaka ya isar da wannan saƙo.

"Kuskuren daga wurinmu yake. Buhu biyu ne suka musanya bayan niƙa saboda ba mu rubuta suna a jikinsu ba. Mun duba sauran kayan da aka niƙa a ranar, mun kuma tsayar da sayar da zogale gaba ɗaya sai mun gama tantancewa. Muna neman afuwarku, Allah ya ba waɗanda abin ya shafa lafiya."

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi, neman afuwa ya zo a ƙarshe. Wannan ya saɓa wa tarbiyyarmu. Bahaushe idan zai faɗi magana mai nauyi yakan fara da gaisuwa, ya tambayi iyali, ya yi godiya, ya kewaya, sannan ya iso. A zaure wannan ladabi ne. A wasiƙar janye kaya kuwa haɗari ne, domin mutane da yawa layi biyu na farko kawai suke karantawa a waya kafin su wuce. Idan layukan nan biyu godiya ce da tarihin shekarun da shago ya yi yana hidima, Hajiya za ta ajiye waya ta je ta dama kokonta da garin nan. Sallama ta wadatar, sai a faɗi sunan kaya, a ce a daina sha.

Na biyu, wasiƙar ta kira abin da sunansa. Jarabar da ke kama mai shago a irin wannan dare ita ce ya rubuta "an sami 'yar matsala wajen ɗuri" ko "kayan bai kai ingancin da muka saba ba". Ni a ganina wannan ya fi yin shiru muni. Wanda aka ce wa kaya bai kai inganci ba, zai ce ai kuɗina na sa, bari in ƙarasa shi. Wanda aka ce wa sanamaki ne, ya san sanamaki, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sannan ga likita. Idan aka kawo masa tsoho mai gudawa aka ce zogale yake sha, zai tafi neman taifot ko gurɓataccen abinci. Idan aka ce masa ya kwana biyar yana shan babban cokali na sanamaki, ya san inda zai duba: ruwan jiki da gishirin jini, musamman fotasiyam, wanda gudawa ke kwashewa. Raguwar fotasiyam ce ke rikita bugun zuciya, kuma ta fi tsanani ga mai shan digoxin ko furosemide, wanda aka fi sani da Lasix. Mai shagon ba likita ba ne, bai kamata ya rubuta wa kowa magani a wasiƙa ba. Iyakarsa ya faɗi abin da aka sha, ya nuna waɗanda bai kamata su jira ba.

Yanzu mu zo kan lambar nan, ZG-14, wadda a wurina ita ce ƙashin bayan wasiƙar gaba ɗaya. Lambar rukuni ke nan: duk kayan da aka niƙa aka ɗura a zama ɗaya suna ɗauke da lamba ɗaya. Yawancin masu saye ba su taɓa kallonta ba, wasu masu shago kuma suna ganin ado ce da ake bugawa don leda ta yi kama da ta kamfani, har za ka ga lamba ɗaya a jikin kayan shekara guda. Amfaninta ba ya bayyana sai rana irin wannan. Da ita mai shagonmu zai iya cewa leda 120 ne, ba su fi ba. Ba don ita ba, sai dai ya ce duk wanda ya taɓa sayen zogale a wurinsa ya dawo da shi, ya biya kuɗin kayan da ba su da laifi, ya kuma tsorata mutanen da ba abin da ya same su. Ko kuma, abin da ya fi faruwa, girman asarar ya sa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ƙa'idojin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, sun tanadi cewa maganin gargajiya da aka ɗura don sayarwa ya ɗauki sunansa, da abubuwan da aka haɗa shi da su, da nauyinsa, da lambar rukuni, da ranar haɗawa da ta lalacewa, da adireshin mai haɗawa. Lambar da hukumar ke ba irin waɗannan magunguna a matakin farko takan ƙare da harafin L, kuma ma'anarta an duba cewa kayan ba mai cutarwa ba ne, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Abin lura a nan shi ne, ko da ledar zogalen mai shagonmu tana da lambar hukuma, lambar ba ta san abin da ya faru a cikin a-daidaita-sahu ba. Samfurin da aka kai aka gwada daban, buhun ranar Litinin daban. Don haka yana daga cikin aikinsa ya sanar da ofishin hukumar mafi kusa, ya kuma ware ledoji kaɗan daga rukunin, a rufe, saboda gwaji. Da yawa suna tsoron wannan mataki don gudun a rufe musu shago. Tsoron ba na banza ba ne, amma wanda ya kai kansa da wanda asibiti ta kai ƙararsa ba su zama ɗaya ba.

Kada a ɗauka irin wannan musanya sai a ƙananan shaguna. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin da ya kamata ya ƙunshi wani saiwar ƙasar Sin. Aka musanya shi da wani tsiro mai guba wanda sunansa a Sinanci ya yi kama da na farkon. Mata fiye da 100 suka sami ciwon ƙoda, da yawansu har ƙodar ta daina aiki. Can suna ne ya yi kama, a nan launi ne.

Wani zai ce, to a koya wa mutane bambance garin biyu mana. Da ganye ne da sauƙi: na zogale ƙanana ne masu zagaye kamar ƙwai, na sanamakin da ake kawowa daga waje kuma siriri ne mai tsini kamar bakin mashi. A gari kuwa, zogalen da aka shanya a inuwa kore ne shar, sanamaki kuma yana da hasken rawaya-rawaya. Sai dai zogalen da rana ta buga shi ma yakan koɗe ya koma haka. Mai sana'a zai iya ganewa da hanci da harshe idan ya natsu, kamar yadda mai shagonmu ya yi a sito. Mai saye ba zai iya ba, kuma wasiƙar da ta ce masa "ɗanɗana ka gani" ta ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Shi ya sa ta ce idan lamba ta goge a ɗauka yana ciki.

Batun mayar da kuɗi ba tare da rasit ba, har ga wanda ya shanye, shi ma ba karamci ba ne kawai. A fiƙihun ciniki, wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba yana da haƙƙin mayarwa, balle wanda aka ba wani abu daban da wanda ya biya. Amma ko a ajiye wannan gefe, mai shagon yana da buƙatar ledar fiye da yadda mai saye ke buƙatar kuɗinsa. Kowace leda da ta dawo, ko da wofi ce, tana gaya masa inda kaya ya je da wanda ya sha. Wa ke karɓar rasit a kan garin zogale? Sharaɗin rasit, ko na cewa sai ledar da ba a buɗe ba, yana nufin waɗanda suka riga suka sha, su da aka fi buƙatar gani, su ne ba za su zo ba.

Rubuta wasiƙa rabin aiki ne, saura isar da ita. Takarda a ƙofar shago tana samun wanda ya dawo ne kawai. Saƙon WhatsApp yana samun mai karatun boko. Hajiyar da ta fara aiko jikanta wataƙila ba ta cikin ko ɗaya. Don haka sai mai shagon ya karanta wasiƙar da bakinsa, ya naɗi murya, ya haɗa da hoton ledar gaba da baya, an zagaye lambar da jan biro. Muryar ba ta wuce minti biyu ba, kuma ya faɗi ranar da ya yi ta da sunan unguwa, domin saƙon murya ba ya mutuwa: bayan shekara biyu za ka ji yana yawo a wani gari an ce duk zogalen kasuwa guba ne. Faɗin rana da lamba yana kare sauran masu sana'ar da ba ruwansu.

Daga nan sai lissafi, kuma da lissafin ne ake gane ko wasiƙar ta yi aiki, ba da yawan masu cewa "Allah ya kiyaye gaba" ba. Cikin leda 120, ya tarar da 38 a kanta, ya kwashe su ya kulle a kwali, ya rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa ba na sayarwa ba ne, don kada yaron shago ya mayar da su kanta ranar da kaya suka yanke. Saura 82 a waje. Littafinsa ya nuna 50 sun tafi wurin 'yan sari uku, biyu sun ɗauki ashirin-ashirin, ɗaya ya ɗauki 10. Sauran 32 ɗaiɗaiku ne suka saya. 'Yan sari ba a aika musu wasiƙa a zauna, kiran su ake yi a daren, domin a hannunsu kaya ya fi yawa kuma gobe da safe za su ci gaba da sayarwa.

Bayan mako guda, 'yan sari biyun farko sun dawo da 34, sun riga sun sayar da 6. Ɗaiɗaiku sun kawo 21. Jimilla 55 cikin 82, saura 27. Mai shago da yawa zai tsaya a nan ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma 27 ɗin nan kilo 2.7 ne na sanamaki a ɗakunan girkin mutane da sunan zogale. Sai wasiƙa ta biyu, gajera, wadda ta faɗi adadin da ya dawo da wanda ya rage, ta kuma faɗi abin da aka gyara: yanzu ana rubuta suna a jikin buhu kafin ya bar shago, ana jefa wata takardar a cikinsa, ba a kai ganye biyu masu kama da juna inji a rana ɗaya, kuma shi da kansa yake buɗe buhu ya duba kafin a fara ɗuri. Ya ƙara da wani abu da bai zo masa a rai ba a daren farko: zogalen gaskiyar ma an niƙa shi ne a bayan sanamaki a inji ɗaya, don haka kwanon farko da ya fito bai tsira daga gauraye ba. Wannan buhun ma ya ajiye shi gefe.

Mafi wuya su ne leda 10 na ɗan sari na uku. Shi mai tebur ne da ke bin kasuwannin ƙauye, kuma ba ya sayar da leda sukutum. Farke su yake yi ya ƙulla ƙananan ƙulli na kuɗi kaɗan. Kilo guda ya zama ƙulli hamsin ko fiye, babu sitika, babu lamba, babu sunan shago, kuma bai san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka saya ba. Wasiƙa ba ta da adireshin da za ta je. Abin da ya rage shi ne mai shagon ya biya wa mai teburin kuɗin mota, su tafi tare ranar da kasuwar ke ci, su fara da gaida sarkin kasuwa, su nemi a ba su mai shela ya zagaya da lasifika, su kuma roƙi liman ya faɗa bayan sallar azahar: duk wanda ya sayi ƙullin zogale a teburin da ke kusa da 'yan kayan miya makon jiya ko na shekaranjiya, kada ya sha, ya kawo a ba shi kuɗinsa.